Kwana Nawa Ake Yi Kafin a Cire Katakon Dekin?

Akwai wata gardama da ke tashi a wuraren gini da yawa, kamar mako guda bayan an zuba dekin. Kafinta zai iso da sassafe da yaransa da guduma, ya ce ya zo kwashe katako domin yana da wani aiki da ke jiransa. Idan mai gida ya nuna ɗari-ɗari, sai ya ce, "Alhaji, ai ya bushe ƙarau. Hau ka taka da ƙafarka ka ji." Mai gida ya hau, ya taka, ya ƙwanƙwasa, ya ji abu kamar dutse. Ga kuɗin hayar katako na ƙaruwa kullum, ga birkila na jira ya shiga ciki ya fara aiki. Sau da yawa a nan ake yanke shawara, kuma da tafin ƙafa ake yanke ta.

Matsalar ita ce tafin ƙafa ba ya iya auna abin da ake tambaya. Dekin da ke kwance a kan katako da gora ba shi ne ke ɗauke da kansa ba tukuna. Gorar da ke ƙarƙashi ce ke ɗauke da shi, har da wanda ya hau yana takawa. Ranar da aka zare matokaran nan ita ce ranar farko da kankaren zai ji nauyin kansa, kuma tambayar da ya kamata a yi ita ce ko ya ƙosa ya ɗauki wannan nauyi.

Mun gaji gini da ƙasa, shi ya sa idonmu ya saba da cewa abin da ya bushe ya yi ƙarfi. Tubalin laka rana ce ke gyara shi: da ruwa ya fita, ya zama abin gini. Kankare akasin haka yake. Siminti cin ruwa yake yi. Idan suka haɗu, sai wani aiki ya fara a tsakaninsu wanda ke haifar da danƙon da ke riƙe yashi da tsakuwa da rodi wuri ɗaya, kuma wannan aiki yana ci gaba ne muddin akwai danshi a ciki. Da ruwan ya ƙafe, aikin ya tsaya cik, ƙarfin ma ya tsaya inda ya kai. Saboda haka dekin da ya yi fari fat a kwana na uku ba lallai ne ya riga ɗan'uwansa ƙosawa ba. Mai yiwuwa ƙishirwa ce ta kashe masa ƙarfi tun bai kai ko'ina ba.

Injiniyoyi suna lissafin gini da ƙarfin da kankare zai samu a kwana 28. Idan an kwaɓa shi daidai, an kuma ba shi ruwa yadda ya kamata, a kwana na uku yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan ƙarfi, a kwana bakwai kusan kashi biyu cikin uku, a kwana 14 kuma ya doshi kashi 90. Taurin saman kuwa tun washegarin zubi ake samunsa. Wannan tazara, tsakanin ranar da kankare ya yi tauri da ranar da ya yi ƙarfi, ita ce ke yaudarar mutane.

Katako iri biyu ne

Abu na farko da ya kamata mai gini ya riƙe shi ne cewa katakon da ya gani a wurin aiki ba duka aiki ɗaya yake yi ba. Akwai na gefe, wanda aka kafa a jikin fila da gefen bim da bakin dekin, aikinsa kawai ya tare kwaɓin kada ya malale har ya kama jikinsa. Akwai kuma na ƙasa, wato shimfiɗar da dekin da bim ke kwance a kai, tare da gora ko sanduna ko ƙarafan da ke tokare da ita. Na farko sura yake bayarwa, na biyu nauyi yake ɗauka, kuma kwanakinsu ba su ma yi kusa da juna ba.

Katakon fila ana iya cire shi bayan kwana ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar ginin kankare ta Birtaniya, BS 8110, wadda injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna aiki da ita, ta yarda da awa 12 idan yanayi bai yi sanyi ba, ta Indiya kuwa, IS 456, ta ce awa 16 zuwa 24. Dalilin sauƙin shi ne fila a tsaye take, nauyinta danna ta yake yi ƙasa, kankare kuma yana jure danniya tun yana ɗanye-ɗanye. A ganina duk da haka, wanda ya bari har kwana biyu ya fi samun riba. Idan aka ɓamɓare da wuri, kusurwoyin filar sukan gutsure, fatarta ta bi katako, rodi ya matso kusa da iska da ruwa. Sannan katakon kansa yana hana danshi gudu. Da an cire shi, sai a naɗe filar da jiƙaƙƙen buhun algarara ko leda, a riƙa jiƙawa, domin fila ba ta riƙe ruwa yadda dekin ke riƙewa. Kuma cire mata katako bai mai da ita abin ɗora wa kaya ba. Tana bukatar kwanakinta kafin a aza mata bim da dekin.

Gefen bim da na linta hukuncinsu ɗaya da na fila, da sharaɗin za a iya zare su ba tare da an girgiza na ƙasa ba.

Inda magana ta yi nauyi shi ne ƙasan dekin da ƙasan bim. Waɗannan a rataye suke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, nauyi na neman lanƙwasa su. Idan dekin ya lanƙwashe ko da kaɗan, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma ya ɗame kamar zai yage. Kankare rago ne wajen jure ɗamewa, shi ya sa ake sa rodi a ƙasa ya karɓi wannan aiki. To amma rodi ba ya aiki sai kankare ya cije shi gam, kuma ɗanyen kankare cizonsa ba shi da ƙarfi. Mutum zai iya sayen rodi mafi kyau a kasuwa, ya ɗaure shi yadda zane ya ce, ya lalata duka da cire matokarai kafin kankaren ya riƙe rodin.

Ƙa'idar Indiya ta fi sauƙin riƙewa a ka, domin ta ɗaura kwanaki a kan faɗi. Dekin da tazarar da ke tsakanin madogaransa ba ta wuce mita huɗu da rabi ba, matokaransa su kwana bakwai. Idan ta wuce haka, kwana 14. Bim da bai wuce mita shida ba, kwana 14; wanda ya wuce, kwana 21. Ta Birtaniya ba ta yi nisa da wannan ba: kwana goma ga matokaran dekin, 14 ga na bim, idan zafin kankaren bai gaza digiri 16 ba. Idan ya sauka zuwa digiri bakwai, sai su koma 15 da 21.

Duka ƙa'idojin biyu sun yarda a zare shimfiɗar katakon dekin tun kwana uku ko huɗu, amma da sharaɗin matokarai su ci gaba da tokare shi. A nan ake yawan samun ruɗani. Wani ya ji an ce kwana huɗu, sai ya ɗauka izini ne na kwashe komai. A yadda kafintocinmu ke haɗa aiki, an buga katako a kan sanduna da ƙusa, sandunan kuma a kan gora, ba yadda za a yi katakon ya fita gorar na tsaye. Wanda bai da tsarin da ke barin matokari a wurinsa, wannan rangwame ba nasa ba ne. Kwanakin matokarai su ne kwanakinsa.

Sannan waɗannan alƙaluma mafi ƙaranci ne, an kuma rubuta su ne da zaton abubuwa da dama sun tafi daidai: siminti mai saurin kamawa, awo na gaskiya, ruwa daidai gwargwado, girgiza kwaɓi da inji har ya zauna, da bayi kullum. Yawancin simintin buhu da ke kasuwannin Najeriya a yau an gauraya shi da garin farar ƙasa, kuma daraja biyu aka fi gani a jikin buhu, 32.5 da 42.5. Harafin R da ke biye da lambar yana nufin mai saurin yin ƙarfi a kwanakin farko, N kuma mai tafiya daidai-wa-daida. Wanda ya zuba dekin da 32.5N ba zai ƙirga kwana ɗaya da wanda ya zuba 42.5R ba. Haka wanda leburorinsa suka tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi sauƙin ɗauka a kwano, ƙarfin da yake tsammani a kwana bakwai ba shi zai samu ba. Shi ya sa al'adar tsofaffin magina ta barin dekin kwana 21 take da tushe. Ta rufe giɓin abubuwan da ba wanda ya auna a wurin ginin talaka.

Mu bi gida ɗaya

A ce gidan bene ɗaya ne a Kano, an zuba dekinsa a tsakiyar watan Janairu. Kaurin dekin santimita 15, abin da magina ke kira inci shida. Ɗakunan kwana ƙafa 12 ne kowane gefe, wato kaɗan ya ɗara mita uku da rabi. Falo kuwa faɗinsa mita biyar, tsawonsa bakwai, kuma a ɓangaren da ya buɗe zuwa wurin cin abinci babu bango, bim ne mai mita bakwai ke ɗauke da dekin. A gaba akwai baranda da ta leƙo waje mita ɗaya da ɗan kai, ba fila a ƙarƙashinta.

A fara da nauyi. Kankare mai rodi yana da nauyin kusan kilo 2,400 a duk mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Dekin mai inci shida ke nan kilo 360 a kowane murabba'in mita. Na falon nan kaɗai, murabba'in mita 35, ya kai kilo 12,600, daidai da buhun siminti 252 a rataye a saman kan mutane. Wannan ne abin da yaron kafinta ke tsaye a ƙarƙashinsa lokacin da yake dukan gora da guduma.

Washegari ko jibi za a iya cire katakon bakin dekin da gefen bim na waje. Aikin da ya fi kowane muhimmanci a makon farko shi ne ruwa. A watan Janairu sanyin dare a Kano kan sauka zuwa digiri goma sha kaɗan, wanda ke rage saurin ƙosawa, ko da yake bai kai sanyin ƙasashen da ruwa ke daskarewa ba. Abin da ya fi cutar da kankare a hunturu shi ne busasshiyar iska, wadda ke zuƙe danshin saman dekin cikin sa'o'i. Yayyafin safe da yamma ba ya isa. Dabara mai kyau ita ce a kewaye bakin dekin da ɗan tudun yashi da siminti a tara ruwa ya kwanta, ko a shimfiɗa buhuna ko yashi a riƙa jiƙawa, aƙalla kwana bakwai, gara ma goma a irin wannan yanayi da irin wannan siminti. Da bazara kuma zafi yana hanzarta ƙarfin farko, amma yana ƙafar da ruwa fiye da kowane lokaci, don haka bayin ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi.

A takarda, ɗakunan kwana sun isa cirewa a kwana bakwai zuwa goma, dekin falo a kwana 14, dogon bim a kwana 21. Da ni ake shawara, kuma ba a yi gwaji ba, zan ce ɗakunan su kai mako biyu, falo da bim ɗinsa su tafi tare zuwa kwana 21. Dalili shi ne dekin falon a kan bim ɗin yake dogara. Da zarar an saki dekin, kasonsa na nauyi zai gangara kan bim, ya bi ta matokaran bim zuwa ƙasa, kuma gorar da aka jera don ɗaukar bim kaɗai za ta sami kanta da ƙarin tan da yawa. Idan gorar siririya ce, ko an yi mata ƙari da ƙusa, ko tana tsaye a kan bulo da ƙasar da ruwan bayi ya jiƙa, za ta iya lanƙwashewa ko ta nutse.

Baranda ita ce ta ƙarshe, kuma injiniyoyi da yawa ba sa yarda a taɓa ta kafin kwana 28. Gefe ɗaya kawai take riƙe da gini. Ɗamewarta a sama take, daidai inda ta haɗu da bango, shi ya sa rodinta a sama ake ɗaure shi. Sau da yawa ranar zubi leburori da baro sukan tattake wannan rodi ya kwanta ƙasa ba wanda ya lura. Dekin da ke tsakanin bango huɗu idan ya gaza yakan lotsa ya tsage, ya ba mutane alama. Baranda ba ta da wani wurin da za ta miƙa nauyinta. Idan tushenta ya saki, faɗowa take yi gaba ɗaya.

Yanzu a ƙara abin da ke faruwa a zahiri. Mai gida ba ya son aiki ya tsaya, don haka tun kwana na huɗu ko na biyar an fara hawa da bulo don ginin sama. Bulo mai inci tara ya haura kilo 20, kuma guda goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Idan aka jera su hawa biyar, an ɗora tan guda a wurin da injiniya ya yi lissafin kilo 150 na mutane da kayan ɗaki. Muddin gora na ƙarƙashi, ita ke shan wahala. Ranar da aka cire ta da wannan tari a tsakiyar falo, kankaren da bai cika mako biyu ba ne zai karɓa. Idan dole sai an hau da bulo, a rarraba shi kusa da bango da kan bim, hawa biyu ko uku, kada a tara yashi ko tankin ruwa a tsakiyar ɗaki.

Idan kuma ginin zai ci gaba zuwa dekin na biyu, lissafin kwanaki kaɗai ya daina wadatarwa. Ɗanyen kankaren sama, da katakonsa, da ma'aikata da kayansu, sun haura kilo 500 a murabba'in mita, kuma duk a kan dekin na ƙasa za su sauka ta cikin gora. Wannan ya fi abin da aka tsara dekin gidan zama ya ɗauka, ko da ya cika kwana 28. Saboda haka ba a zuba dekin sama alhali an kwashe matokaran na ƙasa. Ko dai a bar su, ko a mayar da su kafin zubi, kuma a daidaita na sama a kan na ƙasa domin nauyi ya sami hanya miƙaƙƙiya zuwa ƙasa. A dogayen gine-gine hawa biyu ko uku ake bari a tokare a ƙarƙashin wanda ake zubawa.

Abin da ya faru a Skyline Plaza

Wannan kuskure na ƙarshe shi ne ya jawo ɗaya daga cikin haɗurran gini da ake koyarwa a makarantun injiniya. A ranar 2 ga Maris, 1973, a Bailey's Crossroads da ke jihar Virginia ta Amurka, ana gina wani dogon gidan zama mai suna Skyline Plaza. Ma'aikata na zuba kankare a hawa na 24, a daidai lokacin da aka riga aka cire matokaran da ke ƙarƙashin wani sashe na hawa na 23. Dekin hawa na 23 kwanaki kaɗan ne da zubawa, kuma ƙarshen lokacin sanyi ne, don haka ƙarfinsa ya yi ƙasa sosai da abin da aka tsara. Ginin irin wanda dekin ke zaune kai tsaye a kan fila ne, babu bim. Da nauyi ya yi yawa, sai fila ta huda dekin ta ɓullo, dekin ya rufta kan na ƙasa da shi, wannan ma ya rufta, haka har ƙasa, ginin ya rabu gida biyu. Mutum 14 suka mutu, fiye da 30 suka ji rauni. Binciken hukumar ma'aunai ta ƙasar ya ɗora babban laifin a kan cire matokarai kafin lokaci.

A watan Nuwamba na 2016 irin haka ta faru a tashar lantarki ta Fengcheng a lardin Jiangxi na ƙasar Sin, inda aka cire abin zubin wata doguwar hasumiya kankarenta bai ƙosa ba, bayan sanyi ya sauko. Dandamalin ma'aikata ya rufto, fiye da mutum 70 suka rasu. A wuraren biyu akwai injiniyoyi da manyan kamfanoni da jadawalin aiki. An bi kalanda, ba a tambayi kankaren ba.

Rushewa nan take ita ake ji a labarai, amma ɓarnar da ta fi yawa ba ta da ƙara. Kankaren da aka ɗora wa nauyi yana ɗanye yakan ci gaba da lotsawa a hankali na tsawon watanni da shekaru, fiye da yadda ƙosasshe zai yi, kuma ba ya komawa. Bayan shekara guda sai a ga silin falo ya yi ciki, tayil na sama na fashewa, ƙofa ta daina rufuwa, bangon da ke kan dekin ya tsage a gindinsa. Idan rufin gida ne, ruwan sama ya riƙa kwanciya a tsakiya, ya bi ta tsagar ya sami rodi, tsatsa ta kumbura shi, kankare ya fara ɓarewa yana zubowa. Abin takaici, maganin da aka saba yi shi ne a ƙara kaurin filasta a ƙasa da daɓe a sama don a ɓoye lotsawar, wanda ƙarin nauyi ne a kan abin da ya riga ya gaji.

Yadda ake sani, da yadda ake cirewa

Hanyar da ta fi ƙirgen kwana ita ce gwaji. Ranar zubi ake ɗibar kwaɓin da ake aiki da shi a cika ƙananan akwatuna masu santimita 15 kowane gefe, a ajiye wasu a gefen dekin su sha rana da ruwa iri ɗaya da shi. Idan ana son cire katako, sai a kai su ɗakin gwajin kayan gini, irin na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, inji ya matse su har su fashe. Ƙa'idar Birtaniya ta ce kada a saki dekin ko bim sai kankarensa ya kai 10 N/mm², kusan kilo 100 a kan kowane murabba'in santimita, ko ninki biyu na matsin da zai fuskanta, duk wanda ya fi yawa. Injiniyoyi da dama sukan nemi ya kai kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin da aka tsara. Kuɗin wannan gwaji ƙanƙane ne idan aka kwatanta da kuɗin rodi da simintin dekin guda, kuma wanda ya yi shi zai iya ma cire katako da wuri da hujja a hannu. Karce kankare da ƙusa ba ya tabbatar da ya ƙosa, sai dai idan ƙusa ta shige ko gari ya riƙa zuba, wannan ya tabbatar da cewa bai ƙosa ba.

Cirewar kanta tana da tsari. Ana fara sakin dekin, sannan bim. A dekin ko bim da ke tsakanin madogara biyu, daga tsakiya ake farawa a nufi gefuna, domin ya karɓi nauyinsa ta hanyar da aka ɗaure masa rodi. Idan aka faro daga gefe aka bar gora ɗaya a tsakiya, ita za ta zama ginshiƙin da ba a tsara ba, saman dekin ya ɗame a wurin da babu rodi, ya tsage. A baranda kuwa daga bakin waje ake farowa a dawo wajen bango. Sassautawa ake yi a hankali, shi ya sa kafinta mai hankali ke sa weji a gindin kowace gora tun ranar kafawa, don ya sami abin da zai zare sannu a hankali. Al'adar nan ta kakkaɓe gora duka a ja da baya a bar shimfiɗar katako ta rikito da kanta tana jefa wa dekin nauyinsa a lokaci ɗaya, tana kuma karya ƙafafu da kawunan yara. Kada kowa ya kasance a sama, kada wanda ba ya cikin aikin ya tsaya a ƙasa, kuma a bar hanyar fita a buɗe.

Akwai alamun da ke cewa a dakata. Idan an sassauta gora ta farko sai makwabtanta suka ɗaure tamau ko suka fara lanƙwasa, dekin na bin su ƙasa ke nan. Idan aka ji ƙara, ko ƙura na zubowa daga wata tsaga, a fita. Tsaga a ƙasan dekin ta tsakiya, tsaga a karkace a jikin bim kusa da fila, tsaga a saman baranda a layin bango, da ramukan da tsakuwa da rodi suka fito fili, duk abubuwa ne da ba a shafe su da filasta kafin injiniya ya gani. A mayar da matokarai, a tokare su daidai ba tare da an tura dekin sama da ƙarfi ba, a sauke kayan da ke kai.

Ba na ganin laifin kafinta shi kaɗai a wannan lamari. Katako jarinsa ne, kuma duk kwanan da ya yi a gidan wani, aiki ne ya wuce shi a wani wuri. Gaggawarsa daga yadda aka yi ciniki take fitowa. Mai gida, tun kafin a buga ƙusa ta farko ka zauna da shi da injiniyanka a yanke kwanakin kowane sashe, a sa kuɗin hayar waɗannan kwanaki cikin jinga, a kuma yarda cewa ba a zare gora ko ɗaya sai injiniya ya ce a zare. Ranar zubi ka sa a rubuta kwanan wata da fenti a jikin fila inda kowa zai gani, domin bayan mako biyu kowa da irin ƙirgensa. Idan kuma babu gwaji, babu injiniya a kusa, ka bar dekin da bim su cika kwana 21, baranda ta cika 28.